Jug zan sauya ko madara? Zuciyata ta ƙi fitowa a kan gahawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon gahawa a Gwarinpa, Abuja, da ƙaramin injin esfireso mai bututun tururi. Duk sanda na so zana zuciya a kan gahawa mai madara, ko dai farin ya nutse gaba ɗaya, ko kumfa ta faɗo dunƙule guda a ƙarshe. Furen tulif kam ban ma kai gare shi ba. Madarar gari nake damawa, jug ɗina kuma mai lita ɗaya ne. In sayi jug mai tsinin baki ne, ko in koma madarar kwali?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki sayi jug, amma ba don tsinin bakinsa ba, don girmansa. Kofi mai cin mililita 200 madararsa ba ta wuce mililita 150, kuma wannan a jug mai lita ɗaya ɗan ruwa ne kwance a ƙasa. Bakin bututun ba zai samu zurfin da zai juya madarar ba, sai ya yi ta hura mata iska barkatai. Ki nemi na ƙarfe mai mililita 350, wanda madarar za ta tsaya a ƙasa kaɗan da inda bakinsa ya faro daga ciki. Baki mai ɗan faɗi ya fi dacewa da zuciya da tulif. Mai tsini na masu zana siraran ganye ne, ki bar shi tukuna.

Batun madara kuwa, ta kwali mai cikakken maiƙo ta fi sauƙin sha'ani, domin kullum kaurinta ɗaya ne. Ki duba jikin kwalin: maiƙo wajen giram 3 zuwa 3.5, furotin kuma giram 3 ko sama da haka a kowace mililita 100. Furotin ne ke riƙe kumfa, maiƙon kuma shi ke sa ta laushi. Ta gari ma tana yi, muddin mai cikakken maiƙon madara ce, ba wadda aka cire maiƙonta aka sa man tsirrai ba. Ki auna giram 125 zuwa 130, ki cika da ruwa ya kai lita ɗaya, ki dama sosai, ki sa a firji ta kwana. Awo da cokali da ido shi ke sa yau kumfa ta yi, gobe ta ƙi. Kowace kika zaɓa, da sanyinta za ki zuba ta a jug, wajen digiri 4 zuwa 5. Ranar da aka ɗauke wuta sanyin madarar ya tafi, za ki ga ta yi zafi kafin ki gama gyara kumfarta.

Dunƙulen da kike gani a ƙarshe alama ce ta iska ta yi yawa, kuma ba ta gauraya ba. Hura madara aiki biyu ne a jere. Da farko ki fesar da ruwan da ya taru a bututun, ki sa bakinsa a ƙarƙashin fuskar madarar kaɗan, ɗan gefe da tsakiya, ki buɗe tururi gaba ɗaya. Ki sauke jug ɗin a hankali har ki ji ƙara kamar ana yaga takarda. Wannan ita ce iskar da ke shiga, kuma daƙiƙa uku zuwa biyar sun isa a yawancin injina; ƙaramin inji mai raunin tururi zai ɗan fi haka. Lallai ki gama sa iska kafin jug ya kai ɗumin jiki. Daga nan ki ɗan ɗaga shi, bakin bututun ya nutse kamar santimita ɗaya, madarar ta riƙa juyawa shiru. Juyawar nan ce ke farfasa manyan kumfa su zama ƙanana har ido ba ya ganinsu. Ki kashe tururi a digiri 60 zuwa 65, wato lokacin da tafin hannu ba zai iya daɗewa a jikin jug ba. Idan ta haye 70, zaƙinta ya ragu, kumfar ta bushe, ta rabu da ruwan.

Madarar da ta yi daidai ƙaruwarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, tana sheƙi kamar kokon da aka dama da kyau, tana bin jikin jug idan an juya. Ki buga gindin jug ɗin a kan tebur sau ɗaya, ki juya, ki zuba nan take. Ajiye ta na rabin minti ma ya isa kumfar ta taso sama, ruwa ya riga ta fita. Shi ya sa ake fara fitar da esfireso, sannan a hura madara.

Nutsewar farin kuma daga tsayin hannu ne. Madarar da ta faɗo daga sama tana huda fuskar gahawar ta shige ƙasa. Wadda aka zuba daga kusa ba ta da wannan ƙarfin, sai kumfarta ta kwanta a sama. Duka biyun ana buƙatarsu, kowanne a lokacinsa.

Ɗauki kofi mai faɗin baki da zagayayyen ciki, mai mililita 200, da esfireso giram 36 a ciki. Karkata shi wajen jug ɗin har gahawar ta kusa leɓensa. Fara zubawa daga tsayin santimita 7 ko 8, siriri kamar kaurin fensir, a inda gahawar ta fi zurfi, har kofin ya ɗan wuce rabi. A nan fuskar ta kasance ruwan ƙasa, babu fari ko kaɗan. Sai ki sauke bakin jug ɗin har ya kusa taɓa gahawar, ƙasa da santimita ɗaya, a tsakiya, ki kuma ƙara karkata jug ɗin domin madarar ta fi gudu. Nan mutane da yawa ke faɗuwa: sun sauko, amma tsoron ambaliya ya sa sun rage zubi, sai kumfar ta maƙale a jug. Farin da'ira zai buɗe. Ki tsaya wuri ɗaya, kina miƙar da kofin a hankali yayin da yake cika. Da ya kusa cika, ki ɗaga jug kamar santimita 5, ki siranta zubin, ki ratsa tsakiyar da'irar zuwa ɗaya gefen. Siririn zubin nan ne ke jan da'irar ta yi tsini ta zama zuciya. In kika ratsa da kauri ko daga ƙasa, za ki ja farin layi mai faɗi ya ɓata ta. In zuciyar ta fito ƙarama, kin makara wajen saukowa.

Tulif zuciya ce da aka katse sau biyu ko uku, saboda haka ki fara shi da wuri, kofin yana rabi. Ki sauko ki ajiye da'ira ta farko a tsakiya, ki tsayar da zubi ta hanyar ɗaga bakin jug. Ki ja baya kamar santimita ɗaya, ki sake saukowa, ki zuba kina ɗan tura jug ɗin gaba, sabuwar da'irar ta ture ta farko ta lanƙwashe ta rungume ta. Ta uku ƙarama ce, daga ita sai ratsawa irin ta zuciya. Idan ganyen suka haɗe babu layin ruwan ƙasa a tsakaninsu, ko ba ki tsayar da zubin sarai ba, ko madarar ta yi kauri. Tulif yana son madara mai ɗan ruwa-ruwa fiye da ta zuciya, don haka ki rage daƙiƙa ɗaya a sa iska.

Don kada madara ta yi ta tafiya a banza wajen koyo, ki zuba ruwan sanyi a jug da ɗigon sabulun wanke-wanke guda ɗaya, ki hura shi kamar madara. Yana yin irin ƙarar da irin juyawar. Bayan kin gama ki goge bututun, ki fesar da tururi, ki ɗauraye jug ɗin sosai kafin ki sa masa madara.