Fatawa: ɗalibi ya rubuto daga Masar ba zai zo Sallah ba, Inna ta yi fushi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Ƙanina yana karatu a Azhar, ya aiko mana doguwar wasiƙa ta waya ni na karanta wa Inna, yace: "Inna ki yi haƙuri bana ba da ni za a yi Babbar Sallah ba, jarrabawar ƙarshen shekara ta haɗe da Sallah, in na taho sai na maimaita aji, kuma kuɗin jirgin sai na ci bashi." Ya turo ɗan kuɗi a cika a yi masa layya. Inna ta ƙi karɓar kuɗin, tace in bai zo ba bata yafe ba. Malam ya shiga saɓa wa iyaye? Kuma layyar tasa ta yi in mu muka yanka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh in dai abin da ya rubuta gaskiya ne, ƙaninka bai saɓa wa mahaifiyarsa ba. Haƙƙin uwa babba ne, Allah ya hana a ce musu ko "tir" a Suratul Isra'i aya ta 23, amma saɓawar da take zunubi ita ce cutar da iyaye ba tare da uzuri ba, shi kuma da izininta ya tafi, kuma umarnin da ta bashi yanzu zai jawo masa asarar shekara guda da bashi a ƙasar mutane, alhali ita rashin zuwan nasa ba zai hana ta ci ko magani ba, kewa ce kawai. Annabi (SAW) yace biyayya tana cikin abin da yake ma'arufi ne, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sallar idi a wajen Malikiyya sunna ce mai ƙarfi, amma ba a ɗaure ta da filin idin garinku ba, ya yi ta can Alƙahira ta yi. Zumunci kuwa malamai sun ce wanda ke nesa yana sada shi da wasiƙa da aike, kaga kenan abin da yayi ma zumunci ne.

Hukuncin zai canza a wuri biyu. In Inna na kwance ba mai jinyarta sai shi, to dole ya taho ko da karatun zai tsaya. In kuma jarrabawar ƙarya ce, hutu yake so ya ci a can, ya haɗa ƙarya da ɓata wa uwa rai. Wannan ba wuyar ganewa, ya ɗauki hoton jadawalin jarrabawar ya turo ka nuna mata.

Maganar "ban yafe ba" ita ta fi damuna. Ba ta ɗora masa zunubin da bai yi ba, amma bakin uwa ba abin wasa bane, kuma akwai hadisin Jabir a Muslim da ya hana mutum yin mummunar addu'a ga kansa da 'ya'yansa da dukiyarsa don kar ta dace da lokacin amsawa. Kar kai ka tsaya kana ja mata aya tana cikin fushi, ka samu kawunku ko liman wanda take jin nauyinsa ya lallashe ta. Shi kuma wasiƙa kaɗai bata isa ba tunda karanta mata ake yi, ya kira ta ji muryarsa, ya faɗa mata watan da zai zo in an yi dogon hutu, kar yayi alƙawarin da ba zai cika ba.

Layya kuma ta yi, wakilci ya halatta musamman ga mai uzuri. Sai dai ka lura da "a cika" ɗin nan. A mazhabar Malik ba a haɗa kuɗi a yi tarayya a dabbar layya, don haka abin da za ka ƙara ka bashi kyauta ko rance, ragon ya zama nasa shi kaɗai, ka yanka da niyyarsa. Rago ya cika shekara, ba mai ido ɗaya ba, ba gurgu ba, ba mara lafiya ba, ba ramamme ba. Lokacinku na nan za ku bi, ko da Masar ta riga ku Sallah, sai limaminku ya yanka sannan ka yanka, da rana, cikin kwana uku, 10 zuwa 12 ga Zulhajji.

In kuma kuɗin nan na abincinsa ne ya matse ya turo don Inna ta huce, layya bata hau kansa ba, ka mayar masa da abinsa. Wallahu a'alam.