Hoton fuska daban, hoton salo daban

Tambaya: Malam, ina sayar da huluna da ɗinkakkun kaftani a Agege. Na sa hoton ƙanena da wani hoton talla mai kyan haske a Midjourney, manhajar nan mai zana hotuna, don a haɗa min talla, sai fuskar ta fito ba tasa ba. Ina kuma biyan kuɗin wata. Yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, manhajar ba ta san wane hoto ne na fuska, wane ne na salo ba, sai ka faɗa mata. Idan ka zuba su tare, gauraya su take yi, ta ɗebi hanci a nan, ta ɗebi haske a can.

Kowane hoto da ƙofarsa. Na salo yana shiga ta `--sref`, wanda ke ɗaukar launi da haske da yanayin hoto. Na fuska kuwa, a siga ta 6 `--cref` ne, a ta 7 kuma `--oref`. Ga misali a ta 6, inda za ka sa adireshin intanet na hoton fuskar a gurbin URL1, na hoton salon kuma a gurbin URL2:

```
man in white kaftan and cap --cref URL1 --cw 0 --sref URL2 --sw 100 --v 6
```

Lambar `--cw` daga 0 zuwa 100 take. A 100 za ta kwafo fuska da gashi har da rigar da ƙaninka ya sa ranar da aka ɗauke shi. A 0 fuska kaɗai take kamawa, kuma ita ta dace da kai, tunda kaya daban kake so ya sa. Ita `--sw` tana kaiwa 1000, amma ka tsaya kusa da 100. In ka ga fatarsa ta rine da launin hoton salon, ko kamanninsa sun fara gushewa, salon ya yi ƙarfi, sai ka sauke zuwa 50.

Inda na fi so ka kula shi ne zaɓen hoton salon. Ka nemi wanda babu mutum a ciki: bango, haske, kujera, shi ke nan. Muddin akwai fuska ta biyu, kana buɗe ƙofar gauraya. Shi kuma hoton ƙaninka ya zama shi kaɗai, yana kallon gaba, da hasken rana, ba tabarau. Duk da haka kama za ka samu, ba shi sak ba, don `--cref` ya fi aiki da fuskokin da manhajar ta zana da kanta. Ka riƙa canza lamba ɗaya a kowane gwaji, domin kowane gwaji yana cin lokacin da ka biya.

Ka nemi izinin ƙaninka kafin fuskarsa ta hau talla. Sannan aikin wuyan riga da zanen hula manhajar ƙirƙirarsu take yi, ba na shagonka ba ne. Mai saye daga Idi-Araba da ya ga wani zane a waya, aka kai masa wani, zai dawo da kaya. Don haka a ƙarƙashin tallar ka sa ainihin hoton hular da ka ɗauka da wayarka, tare da farashinta.