Kyamarar ta ƙi hawa waifai: in mayar da ita ne ko in canja rauta?

Tambaya: Malam, na sayi kyamarar tsaro don shagona, amma ta ƙi hawa waifai ɗin sabuwar rautata, alhali wayoyinmu duk suna hawa. A kwalinta an rubuta "2.4GHz only". In mayar da ita ne, ko wata rautar zan saya? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka, gyaran na saiti ne. Yawancin rautocin yanzu suna watsa waifai ta zango biyu, 2.4GHz da 5GHz. Na 5GHz ya fi gudu amma bango na saurin rage masa ƙarfi, shi kuwa na 2.4GHz ya fi kai wa nesa, kayan haɗa shi kuma sun fi araha, shi ya sa yawancin ƙananan kyamarori shi kaɗai suka sani. Inda ake samun cikas shi ne rautar kan haɗe zangunan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya. Wayarka sai ta haye 5GHz, manhajar kyamarar kuma ta tsaya cak, ko ta tura kyamarar zangon da ba ta ma ganinsa.

Juya rautar ka duba takardar da ke manne a ƙasanta. Za ka ga adireshin shiga, galibi `192.168.0.1` ko `192.168.1.1` ko `192.168.8.1`, tare da suna da kalmar sirrin mai kula. Rubuta adireshin a burauzar wayarka kana kan waifai ɗin. A sashen Wi-Fi ka nemi `Smart Connect` ko `Band Steering` ko `5GHz preferred`, sunan ya danganta da kamfani, ka kashe shi. Zangunan za su rabu, sai ka ba kowanne sunansa, misali `Shago` da `Shago5`.

Kafin ka fita, leƙa wajen `Security`. Idan yana kan `WPA3`, mayar da zangon 2.4GHz zuwa `WPA2-PSK` mai `AES`. Yawancin kyamarorin nan ba su san WPA3 ba, kuma alamarsa na ruɗa mutane: kyamarar za ta ga sunan waifai ɗin sarai, amma ta yi ta cewa kalmar sirri ba daidai ba ce, ko da ka rubuta ta daidai.

Yanzu haɗa wayarka da `Shago`, ka danne maɓallin `Reset` na kyamarar har sai ta yi ƙara ko fitilarta ta fara ƙyaftawa. Ba manhajar izinin `Location`, don sai da shi take iya karanta sunan waifai ɗin da kake kai. Ka yi haɗin kusa da rautar, bayan kyamarar ta hau ka kai ta inda za ka kafa ta. Wayoyinku sai su koma `Shago5`.

Idan ƙaramar maifai ta aljihu ce da kai, wasu zango ɗaya suke watsawa a lokaci guda, don haka sai ka zaɓi 2.4GHz ga kowa. A hotsifot ɗin waya ma haka ne: a Andiroid akwai `AP band`, a ayifon kuma ka kunna `Maximize Compatibility`. Amma ban ba ka shawarar rataya kyamarar tsaro a kan wayar da za ka tafi da ita gida da yamma ba.

Tambaya: Talabijin ɗina tokumbo ce daga Amurka. Wata rana tana ganin waifai, wata rana ya ɓace, amma na maƙwabta na nan a jere. Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Malama, zargina na kan tashar da rautarki ke zaɓa. Zangon 2.4GHz yana da tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, amma kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka galibi 1 zuwa 11 kawai suke gani. Idan `Channel` yana kan `Auto`, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita rautar na iya sake zaɓe, ranar da ta faɗa 12 ko 13 sai talabijin ɗin ta daina ganinta. Ki shiga saitin rautar kamar yadda na bayyana a sama, ki tsayar da `Channel` a 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna, ki sa `Channel Width` a 20MHz.

Idan hoto na yawan tsayawa bayan haka, cunkoson waifan maƙwabta ne ko nisa, domin megabit 5 zuwa 8 a daƙiƙa sun isa kallon bidiyo tangaran. Duba bayan talabijin ɗin, in akwai kafar da aka rubuta `LAN`, sayi igiyar intanet ki jona ta kai tsaye da rautar.