Yanke gefe, gogewa da ciro mutum daga hoto

"Maigida, a manhajar wayata ga Crop, ga Erase, ga kuma Cutout. Ba duk cirewa suke yi ba? Wanne zan taɓa?"

To yaro, buɗe hoton nan da aka kawo mana, na mutumin da ke tsaye jikin bango, da turken lantarki can gefen dama, da kujera dab da ƙafarsa.

Turken aikin Crop ne. Shi kamar almakashi yake, daga gefe kawai yake ci, kuma a miƙe. Ka ja layin dama ciki har turken ya fita, shi ke nan. Amma ka sani hoton raguwa yake yi. Fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. In faɗinsa fiksel 4000 ne, tsayinsa 3000, ka yanke ya koma 2000 da 1500, ba rabi ya rage maka ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Shi ya sa in ka matse fuska da yawa, aka zo bugawa babba, sai ta fito dishi-dishi.

Kujerar fa, Crop ba zai kai gare ta ba sai ya haɗa da ƙafar mutumin. Nan ne masu koyo ke rugawa Erase, su sha mamaki. Gogewa ba ta dawo da bangon da kujera ta tare, domin kyamara ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Rami take bari. In akwai wani hoto a ƙasa, shi zai leƙo. In babu, sai ka ga ƙananan murabba'ai fari da toka-toka, alamar wurin wayam yake. Mai cike gurbi da launin da ke kewaye wani maɓalli ne daban, galibi Heal ko Remove, ko da yake wasu manhajojin shi ma Eraser suke rubuta masa. Goge ɗan wuri ka gani tukuna. Shi mai cike gurbin, kan bango mai launi ɗaya aikinsa yana fita tsaf, kan zanen tayil kuwa yakan karkatar da layukan.

In kuma an ce a ɗora mutumin kan fosta, bar kujerar, je ka Cutout. A nan abin da kake so ya tsaya kake zagayewa, saura duka ya tafi. Da ka gama, sa baƙin bango a bayansa, ka zuƙo hoton sosai, ka duba gashi da tsakanin hannu da jiki. Nan farin tsohon bango ke maƙalewa. Sai ka ɗauki Erase, ka rage girman bakinsa, ka bi a hankali. Ni ba na barin aiki ya fita ban yi wannan dubawar ba.

Wajen ajiyewa, cikin nau'o'in fayil ɗin hoto ka zaɓi PNG. JPG ba ya riƙe wurin da ke wayam, zai cike maka shi da fari ko baƙi, ka ɗora kan fosta ka ga mutum cikin akwati.