Bayana ya riƙe a wurin aiki: me zan kai wa inshora?

Tambaya: Ina ɗaga kwali a sito ranar Litinin sai bayana ya riƙe. Na daure na ƙarasa aiki, sai Alhamis na je asibiti. An ce in kai rahoto ga inshorar diyyar ma'aikata. Me ake buƙata?

Amsa: Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Yau ɗin nan ka sanar da shugabanka a rubuce, ka riƙe kwafi mai kwanan wata. A wurare da yawa ma'aikata ce ke miƙa rahoton farko ga inshora, kuma doka ta yanke wa'adi, wanda ya bambanta daga wuri zuwa wuri.

Jami'in inshora zai gwada rahotonka da takardar likita da bayanin shaida, ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Kwana ukun nan da ka yi kafin zuwa asibiti su zai sa wa ido, domin zai iya cewa a gida ka ji ciwon. Saboda haka ka rubuta rana, lokaci, inda kake tsaye, nauyin kwalin, da ɓangaren bayan da ya riƙe.

Takardar likita ta fi damuna. Idan "ciwon baya na kwana uku" kawai ya rubuta, babu abin da ya haɗa ciwon da aikinka. Ka karɓi kwafi ka karanta. In bai ambaci ɗaga kaya a wurin aiki ranar Litinin ba, ka koma ya ƙara bayani a ƙasa, da sa hannu da kwanan wata, ba tare da goge na farko ba. Ya kuma fayyace iyakarka, misali kada ka ɗaga abin da ya wuce kilo 5 har mako 2. In ka taɓa ciwon baya, ka faɗa. Dokoki da yawa suna biya idan aiki ne ya tayar da tsohon ciwo, amma ɓoyewa kan zubar da gaskiyarka gaba ɗaya.

Shaida kuwa, a ba da cikakken sunansa, aikinsa, lambar wayarsa, da inda yake a lokacin. Ya faɗi abin da ya gani kaɗai. Ko wanda ya gan ka kana dafe ƙugu bayan nan yana da amfani.

Sai albashi. Ana lissafin diyyar kwanakin da ka kasa zuwa aiki ne da matsakaicin abin da kake samu kafin a cire haraji, kuma a wurare da yawa ana biyan kusan kashi biyu cikin uku. A ce albashinka 500 a mako, kuɗin ƙarin lokaci 100: diyya 400 ke nan. In ma'aikata ta manta da ƙarin lokacin, 333 za ka karɓa, kana asarar 67 duk mako. Ka tattara takardun albashinka na shekarar da ta gabaci raunin, ka gwada su da adadin da aka aika wa inshora kafin ka sa hannu.