Takardun da za ka rataya wa tsarin kasuwancinka: amsa ga mai garin masara

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sarrafa garin masara, ina so in nemi bashin banki in sayi injin niƙa babba da na liƙe leda. Na gama rubuta tsarin kasuwancin, rataye ya rage. Ina da takardu cike da jaka, har da wasiƙar wani Alhaji da ya ce zai riƙa sayen kayana. Wanne zan sa, wanne zan bari?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wallahi da na kai wurin da ka ambaci wasiƙar Alhajin nan sai da gabana ya faɗi, domin irinta ce ta jiƙa mini aiki lokacin da na nemi kuɗin injin matsar man gyaɗa. Don haka da ita zan fara.

Mutumin da ya ba ni tawa wasiƙar babban dila ne, mun daɗe muna hulɗa, tare muke sallah a masallaci ɗaya idan na shiga kasuwa. Da bakinsa ya ce in na kafa injin, duk man da na matse shi zai kwashe. Na roƙe shi ya rubuta, ya sa yaronsa ya buga a takarda mai tambarin shagonsa, ya sa hannu. Duk lissafin cinikin da na yi na shekarar farko a kan maganarsa na ɗora shi. Ranar da jami'in banki ya kira lambar da ke jikin takardar, sai bawan Allahn nan ya ce shi dai ya san ni, mutumin kirki ne, amma bai yi alkawarin sayen komai ba, wasiƙar ma taimako ne kawai ya yi mini don in samu kuɗi. Taimako! Jami'in ya kira ni ofis, ya ajiye takardar a gabana, ya tambaye ni cikin ladabi ko akwai wata takarda a cikin fayil ɗin da ita ma taimako ce. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ina zaune, gumi yana keto mini cikin sanyin ofis, mutane suna jiran layi a bayana suna ji. Daga baya na samu labarin cewa a lokacin ya riga ya ƙulla da wani mai matsa da ya rage masa farashi, kuma ya san da haka tun ranar da ya sa mini hannu. Da na je na same shi, cewa ya yi in yi haƙuri, kasuwa ce. Har yau muna gaisawa, amma abin bai bar zuciyata ba, domin ba odar da na rasa ce ta fi yi mini ciwo ba, a'a, mayar da ni maƙaryaci da ya yi a gaban mutanen da ba su san ni ba.

To ka duba taka wasiƙar da kyau. Wasiƙar nuna niyya ba ta ɗaure kowa, mai ita yana iya janyewa gobe, kuma masu ba da bashi sun fi mu sanin haka. Abin da zai ba ta ɗan nauyi shi ne ta faɗi buhu nawa a wata, a kan wane farashi ko ta yaya za a riƙa yanke farashin, daga yaushe zuwa yaushe, da yadda za a biya, hannu da hannu ko bayan kwanaki. Ta kasance da kwanan wata, da adireshin shago, da lambar da shi kansa zai ɗauka. Idan abin da ke cikinta bai wuce "muna sha'awar kayansa, za mu saya in Allah ya yarda" ba, kada ka ɗora mata ko kwabo a lissafinka. Sannan ka je ka zauna da Alhajin, ka ce masa ranka ya daɗe, banki za su kira ka, me za ka ce musu? Ka lura da fuskarsa. In ya fara kame-kame, cire takardar.

Abin da ya cece ni a karo na biyu ƙananan takardu ne da ba su da kwarjini. Takardun oda daga masu shaguna uku da suka saba karɓar mai a wurina, da rasit ɗin da na yanka musu, da bayanan asusuna na banki inda kuɗin ya shigo da sunansu a ranakun da suka yi daidai da rasit ɗin. Oda ta buhu 20 da aka kai aka biya ta fi alkawarin tirela. Idan kuwa kana da yarjejeniya ta gaske, wadda ku biyu kuka sa hannu gaban shaidu aka biya mata harajin hatimi, ita ce za ta zo a gaba. Yawancin masu ba da bashi suna neman bayanan asusu na wata 6 zuwa 12, saboda haka in har yanzu ciniki yana shiga asusunka na kanka tare da kuɗin cefane da gudummawar biki, raba su tun yau.

Sai takardar farashin inji, ita ma ta sha ba mutane kuka. Ka samo daga wurare uku, ka sa duka ukun, ka rubuta layi biyu a kan dalilin da ya sa ka zaɓi wadda ka zaɓa, ko da ba ita ce mafi arha ba. Kowacce ta zo da sunan kasuwancinka, ba sunanka kai kaɗai ba. Ta faɗi samfurin injin, da kilo nawa yake niƙawa a awa, da ƙarfin motar lantarkin da ke juya shi, da garanti, da kwana nawa farashin zai tsaya. Wannan na ƙarshen kada ka yi wasa da shi. Wanda ya karɓi farashi kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, aka ba shi kuɗinsa a farkon 2024 dala ta haura 1,400, ka san abin da ya same shi. Banki adadin da ke jikin takarda zai bayar, sau da yawa ma ba hannunka zai ba ba, kai tsaye zai tura wa dillalin. Ciko kuwa daga aljihunka.

Bari in yi maka misali. A ce an rubuta maka injin niƙa naira miliyan 6. Tambayi dillalin ko da harajin VAT a ciki, domin idan kayan yana cikin waɗanda ake caji, kashi 7.5 na miliyan 6 naira 450,000 ne. Tambaye shi ko farashin a shagonsa na Legas ne ko a ƙofar masana'antarka. Wa zai biya mota da masu sauke kaya, wa zai biya injiniyan da zai kafa? Motar injin tana ciki ko daban ake sayenta? Ni nawa dillalin sai da kaya suka iso na ga babu akwatin kunna wuta, na kira shi, ya ce ai ban tambaya ba. Idan injin mai layin wuta uku ne, wurinka kuma layi ɗaya ke gare shi, akwai kuɗin jawo wuta ko na janareto, kuma kowanne yana buƙatar tasa takardar farashin. Kafin ka ankara miliyan 6 ta tasar ma 8. Jimillar waɗannan takardu dole ta yi daidai da adadin da ka rubuta a shafin kuɗi na tsarinka. In ka rubuta 6 a ciki, rataye ya nuna 7 da rabi, jami'in ba zai tsaya yi maka lissafi ba, ajiye fayil ɗin zai yi.

Haka nan ƙarfin injin. Idan takarda ta ce kilo 300 a awa, kai kuma ka yi lissafin cinikin da sai an niƙa kilo 500 a awa, takardarka ce da kanta za ta ƙaryata ka.

Game da rajista da izini, satifiket ɗin CAC da lambar haraji ta TIN ba sai na faɗa ba. Abin da ake mantawa shi ne suna. Ya zama iri ɗaya harafi da harafi a CAC, a asusun banki, a takardar haya, a takardun farashi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da fayil. Ka kuma bincika sunan kasuwancinka a shafin CAC ka ga ko yana nuna yana aiki, domin wanda ya daina shigar da bayanan shekara-shekara za a ga an rubuta masa akasin haka, kuma masu ba da bashi ma nan suke dubawa.

Tunda abinci kake ƙullawa a leda, za a tambaye ka NAFDAC. Lambarsu ta kaya ce, ba ta kamfani ba, wato lambar garin masara ba za ta rufe maka garin dawa ba, kuma bayan shekara 5 ake sabunta ta. Sai sun zo sun duba wurin aiki kafin su bayar. In kana da ita, sa hoton satifiket ɗin. In ba ka da ita, sa shaidar cewa ka fara nema da rasit ɗin abin da ka biya, ka kuma nuna kuɗinta da lokacinta a cikin tsarin. Don Allah kada wani ya ce zai ara maka lambarsa, wannan hanyar ɗauri ce. Af, ka kuma tuna garin masara yana cikin abincin da doka ta wajabta a ƙara wa sinadarin bitamin A, kamar man girki da sukari da fulawa. Mu masu mai mun sha wannan tambayar. Nemi takardar farashin sinadarin ka haɗa, zai nuna ka san sana'arka.

Takardar hayar wurin ma ka duba wa'adinta. Bashin shekara 3 a kan hayar da ta rage wata 8, za su tambaye ka inda za ka kai injin idan mai wuri ya ce ka tashi. Ka lallaɓa mai wurin ku sabunta kafin ka miƙa.

Sauran abin da ke jakar, takardar halartar bita, hotonka da wani babba, shaidar firamare, tsohon lasisin da ya ƙare, bar su a gida. Ni yadda na yi, na ɗauki biro na bi tsarin shafi-shafi, duk inda na rubuta adadi ko na ce ina da wani abu, na tambayi kaina wace takarda ce shaidarsa. Wadda ta amsa na ba ta lamba, Rataye 1, Rataye 2, na rubuta lambar a gefen adadin, na yi jerinsu a shafin farko. Wadda ba ta tsaya wa komai ba na mayar da ita jaka. Kwafi mai fitowa sarai za ka miƙa, na asali ka riƙe su a hannunka sai ranar da aka ce ka kawo a gani, kuma kada ka bar wa kowa su ba tare da ya sa hannu ya karɓa ba, musamman takardar fili.

Ban san wane banki ko shiri kake nema ba, kowanne yana da jerin takardunsa, ka je ka karɓo nasu a rubuce kafin ka kashe kuɗin buga komai. Amma Alhajin nan, ɗan'uwa, ka same shi cikin makon nan, ka kuma roƙe shi ya fara da ƙaramar oda ya biya ta banki. Allah ya buɗa maka, ya haɗa ka da masu cika alkawari.