Diyyar kayan jirgi da SDR: yadda ake fitar da darajarsa

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari, Zariya: "Kwalin wayoyina mai nauyin kilo 40 ya ɓace a jirgi tsakanin Guangzhou da Kano, sai aka ce diyyata SDR 26 ce a kan kowane kilo. Wane irin kuɗi ne wannan, kuma nawa zan samu?"

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. SDR ma'aunin lissafi ne da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, ya ƙirƙiro a 1969, kuma babu ɗan canjin da zai miƙa maka shi a hannu. Yarjejeniyar Montreal ta sufurin jiragen sama da shi take ƙayyade diyya, domin kada darajar diyyar ta rataya a kan kuɗin ƙasa guda.

Kuɗaɗe biyar ne suka haɗu suka ba shi daraja, kuma tun daga Agustan 2022 kowane SDR ɗaya yana ɗauke da dala 0.57813, yuro 0.37379, yuwan na Sin 1.0993, yen na Japan 13.452 da fam na Ingila 0.08087. Waɗannan adadi ba sa motsawa sai an sake bitar haɗin, wanda a bisa al'ada duk shekara biyar ake yi. Abin da yake sauyawa kullum shi ne farashin kowannensu da dala.

Mu ƙaddara cewa yuro yana dala 1.10, fam yana dala 1.30, dala ɗaya kuma tana yuwan 7.2 ko yen 150. Kason yuro zai zama kusan santi 41, na yuwan 15, na fam 11, na yen 9, idan aka tara da santi 58 na dala sai a sami kimanin dala 1.34. Kilo 40 sau 26 ya ba da SDR 1,040, wato wajen dala 1,390, sannan a juya zuwa naira. Farashin nan misali ne kawai, na ainihi IMF tana wallafa shi a kowace ranar aiki.

Ko da yuro zai tashi da kashi 10 cikin ɗari, SDR kashi 3 kacal zai ƙaru, saboda haka jiran canji ya motsa ba zai cike maka giɓi ba. Ainihin matsalar ita ce nauyi ake biya, alhali wayoyi kaya ne masu tsada marasa nauyi, kuma SDR 26 ɗin iyaka ce ta sama, sai ka nuna rasit kafin a kai ta. Ka duba takardar jigilar: idan wakilinka ya bayyana darajar kayan a kanta ya biya ƙarin kuɗin, kana da damar neman wannan adadin. Idan bai yi ba, saura sai inshora, in ka yanka.